Shafi Arba'in Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Tace Darasin Lacca Kafin Jarrabawa

Ina gaishe da ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Ina gaishe da iyayen da ke zaune kusa da rediyo, domin maganar yau ta shafi 'ya'yanku.

Ga abin da za mu tattauna. Ɗalibi yana da littafin da ya cika da rubutun lacca, shafi arba'in. Wani wuri da biro, wani wuri da fensir. Wani shafin fotokwafi ne na aboki, domin ranar bai samu shiga aji ba. Jarrabawa ta ƙarato. Yaya zai mayar da shafi arba'in ɗin nan shafi ɗaya tak, wanda ba abin da ke cikinsa sai abin da za a iya tambaya?

Magana ɗaya nake so ku riƙe daga farkon shirin zuwa ƙarshensa. Tambaya ce ke zaɓar abin da zai shiga shafin. Kowane layi da za ka rubuta, sai ya zama amsar wata tambaya. Layin da ba ya amsa komai, ba shi da wurin zama.

Shirin ya kasu kashi huɗu. Na farko, yadda ake gane abin da malami zai tambaya. Na biyu, yadda ake tace rubutun. Na uku, yadda ake gina shafin. Na huɗu, yadda ake gwada shi. Kuma za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe, don kada maganar ta tsaya a iska.

Misalin namu shi ne darasin tarihin tsarin mulkin Nijeriya, daga 1922 zuwa 1963. Ɗaliban kimiyyar siyasa da na tarihi da na shari'a duk suna haɗuwa da shi. Mu ɗauka wata ɗaliba ce a ajin farko na jami'a, kuma darasin nan ne ya ci mata shafi arba'in.

To, mu shiga kashi na farko: gane abin da za a tambaya.

Kafin mu fara, bari mu yi ɗan lissafi. A ce kowane shafi na littafinta ya ɗauki kalma 250. Shafi arba'in ke nan kalma 10,000. Shafi ɗaya da aka rubuta da hannu, rubutun da ido zai iya karantawa, yana ɗaukar kamar kalma 300. Ma'ana, a cikin kowace kalma talatin da 'yan kai, ɗaya ce kawai za ta tsira. Kun ga aikin ya wuce rage tsawon jimloli. Dole a zubar da mafi yawan abin da aka rubuta. Wanda zai zubar da abu mai yawa haka kuwa, yana bukatar ma'auni.

Ma'aunin ba a cikin littafin laccar yake ba. Saboda haka ɗalibarmu ta rufe littafin tukuna. Ta nemo abubuwa uku.

Abu na farko, takardar jerin batutuwan kwas, wadda malami ke rabawa ko ya karanto a makon farko. Ita ce ke nuna iyakar darasin.

Abu na biyu, tsofaffin takardun jarrabawa na wannan kwas, na shekara uku zuwa biyar da suka wuce. Ana samun su a wurin 'yan ajin gaba, ko a ɗakin karatu na sashe, ko a shagunan fotokwafi na cikin makaranta.

Abu na uku, tambayoyin gwajin da malamin ya yi musu a cikin zangon nan, da aikin gida da ya ba su.

Yanzu ta ɗauki farar takarda. Ta rubuta batutuwan kwas ɗin a jere, daga sama zuwa ƙasa. Sai ta bi tsofaffin tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk tambayar da ta karanta, ta ja ɗan layi a gaban batun da ta fito daga cikinsa. Kafin ta gama, za ta ga wani batun ya tara layi huɗu, wani ɗaya, wani ko ɗaya babu. Batun da ya tara layuka shi ne zai ci wuri mafi yawa a shafinta.

Akwai abu na biyu da za ta duba a cikin tambayoyin, kuma ɗalibai da yawa suna tsallake shi. Wace kalma malamin yake fara tambaya da ita? Idan yana cewa a lissafa, to jeri yake so. Idan yana cewa a kwatanta, to bambanci da kamanni yake so. Idan yana cewa a tattauna, to dalili da sakamako yake so. Idan kuma jarrabawar zaɓi ce a kwamfuta, to suna da shekara da adadi ne za su yi aiki. Irin tambayar shi ne zai nuna irin abin da za a ajiye.

Gargaɗi ɗaya a nan. A tabbatar malamin da ya fitar da tsofaffin tambayoyin shi ne mai koyar da kwas ɗin bana. Idan an canza malami, tsofaffin takardun sun rage nauyi. A wannan hali, gwajin da sabon malamin ya yi da takardar batutuwansa su ne abin dogaro.

Wannan shi ne kashi na farko. A fara da tambayoyi, littafi yana rufe.

Masu sauraro, mu je kashi na biyu: tace rubutun.

Yanzu ɗalibarmu ta buɗe littafin. Aikin farko mai sauƙi ne. Ta sa wa shafukan lamba, daga 1 zuwa 40. Takardun fotokwafin da ke yawo a jaka, ta sa kowace a gurbinta. Sai ta bi shafukan da sauri, ba tare da tsayawa haddar komai ba. A saman kowane shafi ta rubuta kalma biyu ko uku da ke faɗin abin da ke ciki. Wannan bai kamata ya wuce rabin awa ba.

Me za ta gani? A ce ta ga shafi shida na farko suna bayanin ma'anar tsarin mulki da ire-irensa. Shafi uku suna kan haɗe Arewa da Kudu da aka yi a 1914, zamanin Gwamna Lugard. Shafi ashirin da biyar suna kan tsare-tsaren mulki guda shida. Sauran shida kuwa maimaici ne, da sanarwar ranar gwaji, da labaran da malami ya bayar don aji ya farka. Tun ba a je ko'ina ba, shafi shida sun fita.

Sai karatu na biyu, da fensir a hannu. Wannan karon a hankali. Duk maganar da ta ci karo da ita, ta yi mata tambaya uku.

Ta ɗaya: an taɓa tambayar wannan, ko yana cikin jerin batutuwan kwas?

Ta biyu: malami ya nanata shi? Wato ya rubuta a allo, ko ya ce a rubuta, ko ya dawo kansa a wani makon?

Ta uku: idan na cire shi, wata maganar za ta rasa tushe?

Maganar da ta samu amsar i sau biyu ko uku, a sa mata tauraro a gefe. Wadda ta samu sau ɗaya, a sa mata alamar tambaya. Wadda ba ta samu ko ɗaya ba, a wuce ta. Aikin tamkar shiƙar hatsi ne: ƙaiƙayi ya fi yawa a ido, amma tsabar ita ake kai wa rumbu.

Bari mu gwada da shafukan tsarin Clifford na 1922. A ce shafi huɗu ne. A ciki akwai tarihin rayuwar Gwamna Hugh Clifford da ƙasashen da ya yi aiki kafin ya zo Nijeriya. An taɓa tambaya? A'a. An nanata? A'a. Wani abu ya jingina a kansa? A'a. A wuce.

A ciki kuma akwai cewa wannan tsarin ne ya fara kawo zaɓe. Kujeru huɗu aka ware wa zaɓaɓɓu a majalisar dokoki, uku na Legas, ɗaya ta Kalaba. An taɓa tambaya? I. An nanata? I. Wani abu ya jingina a kansa? I, domin zaɓen ne ya buɗe ƙofar kafa jam'iyyun siyasa. Wannan tauraro ne.

Akwai kuma cewa ikon majalisar bai kai Arewa ba. Gwamna ne ke yi wa Arewa doka da kansa. Wannan ma tauraro ne, domin sai da shi za a fahimci abin da tsarin da ya biyo baya ya zo gyarawa.

Sai sharaɗin cewa mai jefa ƙuri'a ya zama namiji mai samun fam 100 a shekara. Wannan alamar tambaya ce. Idan jarrabawar zaɓi ce a kwamfuta, a ɗauke shi. Idan ta dogon rubutu ce, zai iya shiga a matsayin hujja ɗaya cewa zaɓen na 'yan tsiraru ne.

Kun ga shafi huɗu sun koma magana uku. Haka za ta bi sauran.

Ga alamar da za ta nuna ko tacewar ta yi. A ƙirga taurarin. Idan sun kai ɗari, ba a tace ba, tsoro ne ya riƙe fensirin. Abin da shafi ɗaya zai iya ɗauka bai wuce talatin zuwa arba'in ba. Idan sun yi yawa, a sake bi, a bar waɗanda suka samu i sau uku.

Wannan shi ne kashi na biyu. Tambaya uku ga kowace magana: an tambaya? an nanata? wani abu ya jingina a kai?

Ga wanda ya kunna rediyonsa yanzu, muna magana ne kan mayar da rubutun lacca mai shafi arba'in zuwa shafi ɗaya. Mun iso kashi na uku: gina shafin.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne bin jerin littafin, a kwashe taurarin kamar yadda suka zo. Malami ya koyar mako bayan mako. Amma tambayarsa takan haɗa mako na uku da na bakwai a wuri ɗaya. Saboda haka siffar darasin ce za ta ba shafin siffa. Darasin da ke da abubuwa masu kama da juna yana son jadawali, wato gidaje-gidaje da aka ja da layi. Darasin da ke bayanin matakai yana son kibiyoyi, wannan ya kai ga wancan. Darasin lissafi yana son ƙa'ida, da lokacin amfani da ita, da misali ɗaya.

Darasinmu yana da tsare-tsare shida masu kama da juna. Jadawali ke nan. Ɗalibarmu ta ja layuka shida a kwance, kowane tsari da nasa. Ta ja gidaje huɗu a tsaye. Gida na farko, suna da shekara. Na biyu, sabon abin da ya kawo. Na uku, rauninsa. Na huɗu, abin da ya haifar. Shida sau huɗu, gida 24. Doka ɗaya: kada gida ya wuce kalma takwas. Duka jadawalin bai kai kalma 200 ba.

Ku saurari yadda layukan za su fita.

Clifford, 1922. Ya kawo zaɓe, kujeru huɗu. Rauninsa, Arewa ba ta cikin majalisa. Ya haifar da jam'iyyun siyasa a Legas.

Richards, 1946. Ya kafa majalisun yankuna uku, Arewa da Yamma da Gabas, ya shigo da Arewa majalisar tsakiya. Rauninsa, ba a shawarci 'yan ƙasa ba. Ya haifar da adawar 'yan kishin ƙasa, aka sake shi da wuri.

Macpherson, 1951. An yi shawara tun daga ƙauye har babban taron Ibadan na 1950, an kafa majalisar wakilai da majalisar ministoci. Rauninsa, ministocin tsakiya sun fi biyayya ga yankunansu. Ya rushe bayan rikicin 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a jira lokacin da ya dace, kuma tarzoma ta ɓarke a Kano a watan Mayu.

Lyttelton, 1954. Ya kawo tsarin tarayya, aka raba iko tsakanin tsakiya da yankuna, kowane yanki ya samu firimiya, Legas ta zama yankin tarayya. Rauninsa, bai samar da firaminista a tsakiya ba, sai a 1957 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau wannan kujera.

Tsarin 'yancin kai, 1960. Mulkin firaminista da majalisa. Rauninsa, Sarauniyar Ingila ce har yanzu shugabar ƙasa, Gwamna Janar yana wakiltarta.

Tsarin jamhuriya, 1963. Shugaban ƙasa ɗan Nijeriya, Nnamdi Azikiwe. Kotun Ƙoli ta zama kotun ƙarshe, an daina ɗaukaka ƙara zuwa Ingila.

Na faɗe su da ɗan tsawo saboda kunne. A takarda za su fi haka gajarta. Amma ku lura da abin da jadawalin ya fito da shi. Raunin kowane tsari shi ne ya zama aikin tsarin da ya biyo shi. Clifford ya bar Arewa a waje, Richards ya shigo da ita. Richards bai yi shawara ba, Macpherson ya yi. Macpherson ya kasa daidaita tsakiya da yankuna, Lyttelton ya raba musu iko. Wannan zaren yana warwatse a cikin shafi ashirin da biyar. A jadawali kuwa ido yana ganinsa nan take. Kuma shi ne amsar duk tambayar da ta ce a tattauna.

Saura wurin kalma kamar 100. A raba shi biyu. A saman shafi, ma'anoni uku ko huɗu da malami ke so a kawo daidai, kamar ma'anar tsarin mulki da ta tarayya. Waɗannan kaɗai ake kwafa kalma da kalma. A ƙasan shafi kuma, wuraren da ake zamewa. Misali, tsarin Richards na 1946 ne, amma ya fara aiki a 1947. Misali kuma, Clifford da Richards da Macpherson gwamnoni ne, amma Lyttelton sakataren harkokin mulkin mallaka ne a Landan.

Ƙarin shawara biyu. A gaban kowane layi a rubuta lambar shafin da aka ɗauko shi, don in an manta bayani a san inda za a koma. Sannan a rubuta shafin da harshen da za a yi jarrabawar, Turanci a Nijeriya, Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar. Ka yi wa kanka bayani da Hausa har ka gane, amma kalmomin da za ka zuba ranar jarrabawa su ne za su hau takardar.

Wannan shi ne kashi na uku. Siffar darasi ce ke ba shafi siffa.

Kashi na huɗu, kuma na ƙarshe: gwada shafin.

A nan ina so in faɗi iyakar wannan dabara. A 2013, wani masanin halayyar koyo a Amurka, John Dunlosky, tare da abokan aikinsa, sun auna hanyoyin karatu guda goma. Taƙaita darasi ita kaɗai ba ta samu babban matsayi ba. Haka ja wa rubutu layi da maimaita karatu. Hanyoyi biyu ne suka fi: mutum ya gwada kansa da tambayoyi, kuma ya rarraba karatunsa a ranaku daban-daban. Ma'ana, shafin nan ba ya aiki don an rubuta shi an ajiye. Yana aiki ne idan aka mayar da shi abin gwada kai.

Gwaji biyu za a yi.

Na farko yana auna shafin. Ɗalibarmu ta rufe littafin, ta bar shafin a gabanta. Ta ɗauko tsohuwar tambaya, a ce: kwatanta tsarin Richards da na Macpherson. Ta ba kanta minti goma, ta tsara amsa daga shafin kaɗai. Layi na biyu da na uku sun ba ta bambanci a kan shawara, da majalisu, da dalilin faɗuwar kowanne. Amsa ta fito. Idan kuwa wata tambayar ta zo, ta duba shafin ba ta ga komai ba, to akwai giɓi. Ta koma littafin ta ɗauko abin da ya ɓace. Amma duk layin da zai shiga, wani ya fita. Shafin ya tsaya ɗaya.

Na biyu yana auna ita kanta. Washegari ta kife shafin, ta ɗauki farar takarda, ta sake zana jadawalin daga ka. Sai ta buɗe ta gwama. Gidajen da suka zama fanko, su ne karatun wannan ranar. Ta sake bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako guda. Shi ya sa ba a yin wannan aiki daren jarrabawa. A fara aƙalla mako biyu kafin ranar.

Ga alamu uku da ke nuna shafi ya lalace. Idan rubutun ya yi ƙanana har sai an kanne ido, an matse shafi uku ne a ɗaya, ba a zaɓa ba. Idan kanun batutuwa ne kawai, a ce an rubuta raunin tsarin Richards ba a faɗi raunin ba, wannan jerin suna ne, ba ya amsa tambaya. Idan kuma akwai layin da ba za ka iya faɗaɗa shi da baki na minti ɗaya ba, to ka kwafa ne ba ka gane ba. Ka koma littafi, ko ka tambayi malami.

Saboda wannan dalilin ne shafin aboki ba zai yi maka abin da naka zai yi ba. Shi ne ya yi zaɓen, shi ya san abin da ke bayan kowace kalma. Ku gwama shafukanku, hakan yana da amfani ƙwarai. Amma kowa ya gina nasa. Sannan ina roƙonku, 'yan uwana ɗalibai, shafin nan na karatu ne a ɗaki. Ba a shiga da shi zauren jarrabawa. Satar amsa tana iya raba ɗalibi da makaranta baki ɗaya.

Iyaye, ku ma kuna da rawar takawa, ko da ba ku karanci darasin ba. Ku karɓi shafin a hannunku. Ku kira suna ɗaya daga ciki, ku ce a yi muku bayani da Hausa. Inda yaro ya yi ta kame-kame, nan ne sauran aiki yake.

Mu maimaita a taƙaice. Ɗaya, a fara da tambayoyi. Biyu, a tace da tambaya uku. Uku, a gina shafi bisa siffar darasin. Huɗu, a gwada shafin, a gwada kai. Kuma kowane layi ya zama amsar wata tambaya.

Aikin wannan makon: ka zaɓi kwas ɗaya, wanda ya fi ba ka tsoro. Ka nemo tsofaffin tambayoyinsa kafin Juma'a, ka ja layukan nan a gaban batutuwa. Daga nan sauran matakan za su zo da sauƙi.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a karatunsu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.